Minsharin maigidana yana yankewa tsakar dare, sai na zungure shi yake numfashi

Assalamu alaikum, Anti. Ni uwargida ce, muna zaune a Tudun Wadan Zariya, shekararmu 19 da aure. Maigidana yana da shekara 47, ɗan kasuwa ne, kullum yana kan hanyar Kaduna ko Kano da motarsa. Dama can yana minshari, amma tun da ya yi jiki abin ya sauya. Sai ya yi ta ja kamar janareto, can sai ki ji tsit, ƙirjinsa na motsi amma babu numfashi. Na taɓa ƙirgawa har 25 kafin ya yi wani irin gurnani ya zabura, ya koma barcinsa. Da safe bai san an yi ba. Yana tashi fitsari sau uku ko huɗu, ya wayi gari da ciwon kai, ga gyangyaɗi ko a huɗubar Juma'a. Watan jiya saura kaɗan ya sauka daga titi wajen Jaji. Magani uku yake sha na hawan jini, amma awonsa ya ƙi sauka daga 160/100. Na yi magana, ya ce gadon gidansu ne, mahaifinsa ma haka yake. Hajiyarsa ta ce ko dannau ne ko beli, a kira wanzami. Amaryarsa ta faɗa mini ita ma tana gani, tsoron magana take ji. Ni yanzu ranar girkina ba na runtsawa, har na fara komawa ɗakin yara, shi kuma ya ɗauka gudunsa nake yi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce akwai gwajin barci da ake kwana a asibiti. Yaya ake yin sa? Kuma da gaske minshari yana taɓa zuciya?

Daga wata uwargida, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya saka miki da alheri da kika zauna kika ƙirga. Mata da yawa ƙarar ce take damun su, sai su toshe kunne da filo su juya baya. Ke kuwa kin lura da shirun, kuma a wajen likita shirun nan ya fi ƙarar muhimmanci nesa ba kusa ba. Ba zan iya yanke wa maigidanki hukunci daga wasiƙa ba, wannan aikin gwaji ne, amma abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, irin wanda toshewar maƙogwaro ke haddasawa. Ciwo ne sananne, ana gane shi, kuma yana da magani.

Bari in fara da abin da ke faruwa a wuyansa lokacin da kike kwance kina ƙirgawa. Bayan harshe da ganɗa akwai wata 'yar hanya da iska ke bi ta gangara huhu. Wannan wurin babu ƙashi a cikinsa, tsoka ce kawai take riƙe shi a buɗe. Idan mutum yana farke tsokar a ɗame take. Da barci ya ɗauke shi sai ta saki, harshe ya ɗan zame baya, hanyar ta tsuke. Iskar da ke kutsawa ta matsattsen wuri ita ke kaɗa naman ganɗa da beli, wannan kaɗawar ita ce minshari. Idan kitse ya taru a wuya da gindin harshe, sai tsukewar ta kai ga rufewa ruf, kamar tiyon roba da aka taka. Ƙirji yana ta ja, ciki yana ta ja, iska ba ta shiga. Iskar oksijin da ke cikin jini ta fara raguwa, har ƙwaƙwalwa ta ji abin ya kai mata ko'ina, ta tashe shi na daƙiƙa kaɗan don tsokar ta ɗame, hanya ta buɗe da wannan gurnanin. Farkawar gajeriya ce ƙwarai, shi ya sa ba ya tuna ta. Don haka idan ya ce miki bai san an yi ba, gaskiyarsa ce, ba musu yake yi ba. A saninsa ya kwanta ƙarfe goma ya tashi da asuba. Abin da bai sani ba shi ne wataƙila an tashe shi sau ɗaruruwa a tsakani.

Yanzu ga zuciya, tunda nan ne tsoronki yake, kuma kina da hujja. Minshari zalla, wanda numfashi ba ya yankewa kuma mai shi yana tashi garau, yawanci damuwar abokin kwana ne kawai. Wanda ke haɗe da ɗaukewar numfashi shi ne mai cin zuciya a hankali. Allah ya tsara dare ya zama lokacin hutun zuciya: a jikin mai lafiya, awon jini yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan ya yi barci, bugun zuciya ma ya lafa. Mai wannan ciwo ba ya samun hutun nan. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta tashe shi, jiki yana sakin sinadaran firgita, irin waɗanda ke zubowa idan mota ta taso wa mutum a titi. Jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta hau dukan uku-uku, awon jini ya yi tsalle. Sai ya koma barci, bayan minti ɗaya ko biyu a sake. Idan aka shekara ana haka, jiki yakan saba da zaman firgici, hawan jinin ya bi mutum har da rana. Wannan ne ya sa idan likita ya ga mutum yana shan magani kala uku yadda aka rubuta masa amma jininsa ya ƙi sauka, ɗaya daga cikin abubuwan da ya kamata ya fara tambaya shi ne: yaya barcinsa? Ba shi kaɗai ne dalili ba. Yawan gishiri da dunƙule, ciwon ƙoda, da magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ana sha kamar gyaɗa, duk suna hana jini sauka. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma a labarinki alamun sun fi karkata ga barcin.

Akwai wani ɓangaren da mutane ba su cika sani ba. Ki toshe hancinki da bakinki, ki gwada jan numfashi da ƙarfi sau ɗaya. Za ki ji kamar ana zuƙe cikin ƙirjinki. Zuciya a cikin wannan ƙirjin take zaune, don haka duk ja ɗaya da ya yi a kan rufaffen maƙogwaro, bangon zuciyarsa ake miƙarwa. Ɗakunan sama na zuciya, da yake bangonsu siriri ne, su suka fi jin jiki. Da tafiya ta yi nisa sukan buɗe, bugun ya rikice ya koma ba tsari, irin wanda kan sa jini ya dunƙule a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ɗakin ƙasa na hagu kuma, mai tura jini ga dukkan jiki, yana yin kauri saboda turawa da ƙarfi dare da rana, daga baya ya gaji. Har fitsarin daren ma daga nan yake iya fitowa. Idan aka miƙar da bangon zuciya, sai ta ɗauka ruwa ne ya yi wa jiki yawa, ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa. Maza da yawa sukan ɗauka ciwon suga ne ko matsalar mafitsara. Ya kamata a duba waɗannan ɗin ma, amma sau da yawa da an gyara numfashin dare sai tashin fitsarin ya ragu.

Kafin a kai ga kwana a asibiti, likita zai yi wasu tambayoyi takwas da ake tantance mutane da su, kowace e maki ɗaya ce: minshari mai ƙarfi, gajiya ko gyangyaɗin rana, wani ya ga numfashi na ɗaukewa, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya kai santimita 40, da kasancewa namiji. Maki 5 zuwa 8 na nufin haɗarin yana da yawa. Ki lissafa da kanki, za ki ga maigidanki ya riga ya samu biyar tun ba a ɗora shi a sikeli ba. Kaurin wuyan kuwa ba sai kin nemi tef ba, telansa ya sani. Santimita 40 wajen inci 16 ke nan, kuma idan kaftanin sallar bara ya daina maɓalluwa a wuya, kin samu amsarki.

To, gwajin kansa. A takardar da za a rubuta masa za ki ga sunan polysomnography, ki riƙe shi don tambaya. Ana zuwa da dare, wajen bayan Isha'i, bayan ya ci abincinsa yadda ya saba. Ranar kada ya yi barcin rana, kuma daga azahar ya haƙura da shayi mai ƙarfi, kofi, goro da lemukan ƙarin kuzari. Ya wanke kansa, kada ya shafa mai, saboda man yana hana wayoyin kamawa. Ya tafi da kayan barcinsa da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu. Za a ba shi ɗaki da gado shi kaɗai, ma'aikaci ya ɗauki kamar minti 45 zuwa awa ɗaya yana liƙa masa 'yan wayoyi. Ki gaya masa tun a gida: babu allura, babu yanka, kuma wayoyin ba sa sakin wuta, saurare kawai suke yi. Na ga manyan maza da suka fasa gwaji don sun ɗauka za a ja musu lantarki a kai.

Kowace waya da aikinta. Na fatar kai suna karanta motsin ƙwaƙwalwa, su ke nuna ko barci yake yi da gaske, da zurfinsa, da duk wata ƙaramar farkawa. Na gefen ido da na haɓa suna nuna lokacin da ya shiga barcin mafarki, wanda a cikinsa tsokoki suka fi saki, toshewar ta fi tsawo. Akwai siririn tiyo a ƙofar hanci mai auna shigar iska da fitarta, da ɗamara biyu masu talewa, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. A yatsa ana maƙala 'yar na'ura mai jan haske da ke auna oksijin. A ƙirji akwai na bugun zuciya, a ƙwauri akwai na motsin ƙafa, sannan abin ɗaukar sauti da kyamara don a san ko a rigingine yake ko a gefe. Ma'aikacin yana ɗaki na kusa yana kallon komai a kwamfuta. Idan fitsari ya kama shi magana kawai zai yi, a zo a zare akwatin da wayoyin suka haɗu a ciki, ya je ya dawo. Batun sallar asuba ya faɗa musu tun da dare, dama wajen wannan lokacin ake kammalawa.

Ɗamarun nan biyu suna da wani aiki da ya cancanci ki fahimta. Idan iska ta tsaya a hanci amma ƙirji da ciki suna ta kokawa, toshewa ce, irin wadda kika gani da idonki. Idan kuwa iska ta tsaya kuma ƙirjin ma ya tsaya cak, to ƙwaƙwalwa ce ba ta aiko da umarnin numfashi ba. Wannan na biyun ana ganinsa a masu raunin zuciya da masu shan ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin, kuma maganinsa daban ne. Da kunne ba za a iya rabe su ba.

Kusan kowa yana cewa, ni ina zan iya barci da wannan tarkace a jikina? Yawanci ana yi. Ko barcin bai kai na gida daɗi ba, awanni kaɗan sun isa, balle mutumin da huɗuba ma ba ta hana shi gyangyaɗi ba.

Daga baya ƙwararre zai zauna ya bi rikodin ɗin daren gaba ɗaya yana ƙirga abu biyu. Na farko tsayawar iska gaba ɗaya na aƙalla daƙiƙa 10. Na biyu raguwarta da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na daƙiƙa 10, wadda ta sa oksijin ya faɗi ko ta tashe shi. Sai a haɗa su a raba da awannin da ya yi yana barci. Sakamakon shi ne lambar da za ki gani a gaban haruffan AHI. Ƙasa da 5 lafiya lau. Daga 5 zuwa 14 ƙarami ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Bari in ba ki misali don idan takardar ta zo hannunki kada ta zama miki baƙuwa. A ce mutum ya yi barcin awa 6, aka ƙirga tsayawa 150 da raguwa 90. Jimla 240, a raba da 6, AHI ɗinsa 40 ke nan. Ma'ana duk minti ɗaya da rabi maƙogwaronsa yana rufewa ko ya kusa rufewa, tun daga kwanciya har asuba. Sai ki duba layin oksijin: na mai lafiya yana zama 95 zuwa sama, idan kika ga an rubuta mafi ƙanƙantarsa 78, kin san zuciya ta kwana tana aiki da ƙarancin iska. Sannan ki duba rabon kwanciya. A ce awa 3 ya yi a rigingine aka samu 180, awa 3 a gefe aka samu 60. A rigingine 60 ke nan a awa, a gefe 20. Wannan ya nuna kwanciyar gefe za ta rage masa sosai, amma ba za ta raba shi da ciwon ba, tunda 20 ɗin ma matsakaici ne. Wani lokacin idan ma'aikacin ya ga abin ya yi muni tun awanni biyun farko, a daren zai sa masa na'urar magani a gwada ƙarfin iskar da ya dace da shi, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Akwai ƙaramin gwaji da ake ba mutum ya tafi da shi gida: tiyon hanci, ɗamara ɗaya, da na yatsa. Ya fi araha, kuma ga mutumin da alamunsa suka fito fili yakan wadatar. Sai dai yana da aibi guda: ba shi da wayoyin kai, don haka bai san ko barci mutum yake ko ido biyu ba, da awannin da na'urar ta yi a kunne yake rabawa. Wanda numfashinsa ya samu matsala sau 90 cikin barcin awa 5, lambarsa ta gaskiya 18 ce. Idan na'urar ta kwana awa 8 a kunne, 11 za ta nuna, matsakaici ya koma ƙarami. Saboda haka idan na gida ya ce akwai ciwo, a yarda da shi. Idan ya ce babu alhali ke kina ganin abin da kike gani, kada ku tsaya nan, a yi na asibiti. Kuma ba a dogara da na gida ga wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, ko mai ciwon huhu mai tsanani, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Agogon hannu da manhajojin waya masu ƙirga minshari kuwa, abin tuni ne kawai, ba gwaji ba ne.

Ta ina za ku fara? Ku koma wajen likitan da ke duba hawan jininsa, ki bi shi ki shiga ɗakin tare da shi, domin labarin dare a bakinki yake. Ku nemi a tura ku ga likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, kuma irin waɗannan likitoci su za su duba shi su nuna muku inda za a yi gwajin. Ɗakunan gwajin barci ba su da yawa a ƙasar nan, don haka ku sa a ranku tafiya na iya kamawa, ku kuma tambayi kuɗin tun kafin a sa rana. Kafin nan ki roƙa a yi masa gwajin bugun zuciya, da hoton zuciya idan likita ya ga dama, da na suga da na ƙoda. Waɗannan ba sai an jira komai ba. Idan kuma kika ga ƙafafunsa na kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya tara filo, ko ƙirjinsa na ciwo, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe masa, ba zancen jiran ranar ganin likita ba ne, a tafi sashen gaggawa a lokacin.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba, shi ne tuƙi. Masu wannan ciwo da ba a magance ba sun fi sauran direbobi yin haɗari ninki biyu ko fiye, kuma shi ya riga ya ga gargaɗi. Har sai an yi gwaji an fara magani, ya ɗauki direba ko ɗaya daga cikin yaran shagonsa, ko ya shiga motar haya. Goro da sauke gilashi ba sa tare barcin da ya zo da gaske.

Yanzu yadda za ki shawo kansa. Ki sa kanki a matsayinsa: namiji ne da ke ganin kansa lafiyayye, ya ga matarsa da suka shekara 19 tare ta kwashe filonta ta bar masa ɗaki. Abin da ya ji shi ne an ƙyamace shi, kuma da wannan ciwon ran yake sauraron duk maganar minshari. Don haka kada ki fara da ƙarar. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba tsakar dare ba, ba gaban yara ba, ki ce masa, Alhaji, ba gudunka nake ba, tsoro ne yake hana ni barci, ina kwana ina jiran numfashinka ya dawo. Sai ki nemi izninsa ki ɗauke shi a waya na minti biyu ko uku, yadda ƙirjinsa zai fito, a kuma ji shirun. Da izninsa, na ce, kuma daga shi sai likita za su gani. Idan kika ɗauka a ɓoye, ko ya ji labarin a bakin dangi, kin rasa shi. Gani ya kori ji, kuma da wuya mutum ya kalli kansa yana kokawar numfashi ya sake cewa ba komai. Batun gado kuwa kada ki musa masa. Gaskiya ne siffar haɓa da ta wuya suna bin jini, kamar yadda hawan jini da suga suke bi, kuma babu wanda ya ƙi shan maganin suga don mahaifinsa ma ya yi.

Amarya ta ba ki amana, ki riƙe ta. Kada ku haɗu ku biyu ku tare shi, zai ji kamar an kafa masa kotu. Ki ƙarfafa mata gwiwa ta faɗa masa da bakinta a ranar girkinta, cikin lalama. Shaida biyu daga ɗaki biyu ta fi ƙarfin a ce mita ce ta uwargida.

Hajiya kuma uwa ce, damuwa ce ta sa ta magana, kada ki ƙaryata ta a fuska. Dannau wani abu ne daban: mutum yana farke, yana ji yana gani, amma ya kasa motsi na ɗan lokaci, kuma da safe yana tunawa sarai. Addu'a da azkar ɗin kwanciya kuwa a ci gaba da su, ba su hana zuwa asibiti. Wanzami ne kawai zan ce a'a da babbar murya. Beli ɗan ƙaramin abu ne a cikin matsalar, toshewar tana can bayan harshe da gefunan maƙogwaro inda aska ba ta kai. Yanke shi ba zai buɗe hanyar ba, ga haɗarin zubar jini ga mai awon 160/100, ga na ƙwayoyin cuta. Idan akwai wani ƙani ko ɗan'uwansa da Hajiya ke jin maganarsa, shi ya kai mata wannan bayanin, ba ke ba.

Idan gwaji ya tabbatar, babban maganin shi ne na'urar da za ki ga an rubuta CPAP a jikinta, wadda wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗaki take hurawa a hankali ta tiyo da takunkumin hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ga wanda ta karɓa, minsharin yakan tsaya tun daren farko, gyangyaɗin ya ragu cikin kwanaki. Amma kada in yi miki alkawarin da ya wuce gaskiya. A kan hawan jini ragin da take yi kaɗan ne ga yawancin mutane, ya fi yawa ga irin maigidanki da magani ya kasa, kuma ba ta maye gurbin ƙwayoyinsa, kada ya ajiye ko ɗaya sai likita ya ce. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 a kan mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa bai ga raguwar toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar jiki ba, sai dai a matsakaicin lissafi mutanen ba su wuce awa uku da 'yan mintuna suna sa na'urar a dare ba. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne na'urar da ke cikin kwali ba ta kare kowa. Mafi ƙarancin da ake nema awa 4 ne a dare, abin so kuma dukkan daren.

A Zariya sai an yi lissafin wuta. Ku tanadi ƙaramar inbata ko batir mai caji da sola tun kafin a sayi na'urar, kuma ku sani tukunyar ɗumama ruwan da ke jikinta ita ta fi shan wuta, ga shi da hunturu ita ce ke hana hanci bushewa. Makonni biyun farko su ne masu wuya: iska na zuba ta gefen takunkumi, ko ya ji kamar an shaƙe shi. Wannan ba dalilin jefarwa ba ne, dalilin komawa ne a sauya girman takunkumin ko a daidaita iskar. Tunda kuma gidan ɗaki biyu ne, na'urar za ta riƙa bin kwana kamar kwanon abincinsa, sai ku biyun ku koyi haɗa ta da wanke ta. Ga masu ƙarami ko matsakaici akwai wani abin baki da likitan haƙori ke yi, mai turo haɓa gaba. Tiyata kuma sai idan likitan maƙogwaro ya ga takamaiman abin da ya tare hanya.

Akwai abin da za ki fara daga daren yau. Ya kwanta a gefe, dama kwanciya a gefen dama sunna ce, wannan ba zai yi miki gardama ba. Ki tokare masa baya da doguwar matashi, ki ɗan ɗaga kan gadon. Ki duba ko yana shan ƙwayar barci ko maganin tari mai sa maye, domin suna ƙara sakin maƙogwaro, idan akwai a gaya wa likita. Tuwon dare ya ragu kuma a ci shi da wuri: rage kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yakan sauke lambar AHI da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato mai kilo 100 ya sauke 10. Ki riƙa auna jininsa da asuba kafin ya sha magani da kuma dare, ki rubuta a littafi na mako biyu, ku tafi da shi.

Ke ma kina da haƙƙin barci, 'yar'uwata. Gadin da kike yi ba shi ke dawo masa da numfashi ba, ƙwaƙwalwarsa ce ke tashinsa ko kin zungure shi ko ba ki zungura ba. Idan kin yi masa bayani ya fahimta, ki zauna da shi ku yi hirarku har ya yi barci, in kin ga ba za ki iya ba ki je ɗakin yara ki runtsa, da saninsa. Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare. Idan takardar gwajin ta fito, ki rubuto mini lambar AHI da mafi ƙanƙantar oksijin, mu duba tare.